Tsakanin "nawa ne?" da kafin alƙalami: labarin wata mai lalle

A gidanmu na cikin birnin Kano lalle ba sana'a ba ce da ake koya wa mutum, tashi muka yi muka ga ana yi. Mahaifiyata ta yi wa rabin amaren unguwarmu ƙunshi, kuma ban taɓa jin an tambaye ta nawa ne ba. Uwar amarya takan aiko yarinya ta ce ranar kaza ne, a zo, in an gama a ba da abin da ya sawwaƙa, a haɗo da goro da cincin. Kowa ya san kowa, kunya ce take riƙe da cinikin. Ni ma haka na ci gaba bayan na yi aure, ina yi jefi-jefi don sha'awa, na ƙara da koyon kwalliya da ɗaurin ɗankwali, ba tare da na ɗauke su abin dogaro ba.

A shekarar 2020 komai ya canza. Maigidana ya kwanta jinya, Allah ya karɓi abinsa, a daidai lokacin da aka rufe gari saboda annobar korona, bukukuwa suka tsaya cak. Na fita takaba da yara uku da kuɗin haya a gabana. 'Yan'uwa sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kowa yana da nasa nauyin, kuma akwai irin kallon da ake yi wa mace idan buƙatarta ta fara yawa, wanda ba na so 'ya'yana su saba ganin ana yi mini. Abin da nake da shi a hannu shi ne lalle da akwatin kwalliya da wayar da ya bari. Da bukukuwa suka dawo sai na fara sa hotunan aikina a Instagram da sitatus na WhatsApp.

Saƙonni suka yi ta shigowa, har na fara murna. Sai dai kusan dukkansu kalma biyu ne: nawa ne? In faɗi kuɗi, in ga alamar an karanta, shi ke nan shiru. Wata ta ce za ta tuntuɓe ni, wata ta ce bari ta yi shawara, ba wadda take dawowa. Wata guda yakan wuce wayata ba ta huta ba amma littafina babu suna ko ɗaya. Wannan ya fi rashin saƙon ciwo, domin kullum zuciya tana ɗagawa tana faɗuwa. Na kai matsayin da in na ji ƙarar saƙo gabana yake faɗuwa, ina kwana ina tambayar kaina ko hannuna ne bai kai ba, ko tsada na yi. Na rage kuɗi har aikin ya zama ba riba, shirun bai ragu ba. A nan na tabbatar ba a farashin matsalar take ba, sai na zauna na bi tsoffin hirarrakin ɗaya bayan ɗaya ina duba inda kowacce ta mutu. Abin da zan faɗa a nan daga wannan zaman ya samo asali, da kuma shekarun da suka biyo baya.

Wadda ta rubuto "nawa ne?" yawanci ba ke kaɗai ta tura wa ba. Ta ga hotuna a shafuka da yawa, ta tura wa duk wadda aikinta ya burge ta, tana jiran ta ga wace ce za ta amsa da abin da zai shiga kanta. Idan kika ba ta lamba tsirara, kika ce 30,000 kika yi shiru, kin ba ta abu ɗaya tak da za ta auna ki da shi, wato lambar, kuma ko yaushe akwai wadda za ta faɗi ƙasa da taki. Ba ta san ko kuɗin ya haɗa da ɗauri ba, ba ta san ko ke za ki je ko ita za ta zo ba, kuma ba ki bar mata wata ƙofa da za ta ci gaba da magana ba. Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu ɓoye farashi, a tambaye su nawa ne su ce "ki kira ni" ko "ya danganta". Wannan ma yana kashe hira, don mai tambaya takan ɗauka ana so a ji muryarta ne a auna aljihunta kafin a yanka mata kuɗi. Yarinya mai kunya ba za ta kira ba, za ta wuce wajen wadda ta faɗa mata a sarari.

Amsar da na ga tana aiki tana da gaisuwa, da farashin da aikin yake farawa tare da abin da ya ƙunsa, sannan tambaya. Ga yadda nake rubuta ta: "Wa alaikumus salam Hajiya, barka da rana, na gode da tuntuɓa. Lallen amarya hannu da ƙafa yana farawa daga 25,000, kwalliya da ɗauri kuma 30,000. Don in ba ki cikakken lissafi, wace rana ce bikin, a wace unguwa za a yi, kuma amarya ce kaɗai ko har da ƙawaye?" Ko da ita ba ta yi sallama ba, ni ina gaishe ta. Ina ce mata Hajiya har sai na gane ko wace ce. In amaryar ce da kanta sai in koma ce mata amarya, in babba ce in ce Mama ko Anti.

Tambayoyin nan uku ba na ado ba ne, kowacce tana canza lissafi. Rana ita ce ta farko, domin idan an riga an kama ranar duk sauran maganar ɓata lokaci ne, kuma a watannin Rajab da Sha'aban, lokacin da kowa yake so ya aurar kafin azumi, da bayan sallah, da ƙarshen shekara, Asabar ɗaya mutum huɗu suna iya nemanta. Unguwa ita take yanke kuɗin mota da lokacin fita: zuwa Rijiyar Zaki ko Ɗorayi daga wajena ba ɗaya ba ne da zuwa Hotoro, balle a ce wajen gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya zama abin da in ba ki saka shi a lissafi ba zai cinye ribar. Yawan mutane kuma shi yake nuna ko zan tafi ni kaɗai ko sai na ɗauki yarinyar da take taya ni. Ba na wuce waɗannan ukun a saƙon farko. In kika jero tambaya bakwai, mai karatu za ta ga aiki ne, ta ce sai an jima, an jiman kuma ba ya zuwa.

Wani amfanin tambayar rana shi ne tana rarrabe miki mutane ba tare da kin ɓata wa kowa rai ba. Mai biki a gabanta nan take za ta ce ranar kaza ga wata, har ta ƙara da bayanin da ba ki tambaya ba. Wadda take kallo kawai za ta ce ba a sa rana ba tukuna, ko ta yi shiru. Ita ma ba na wulaƙanta ta. Nakan ce Allah ya sa alheri, in an sa ranar ta sanar da ni da wuri, in kuma roƙe ta ta ajiye lambata don ta riƙa ganin sababbin ayyuka a sitatus, ni ma in ajiye tata, tunda sitatus ba ya bayyana sai kowa yana da lambar ɗan'uwansa. Da yawa daga cikin amaren da na yi wa aiki daga baya irin waɗannan ne. Akwai kuma 'yan'uwana masu sana'a da suke tambaya don su ji farashina. Wannan bai taɓa damuna ba, abin da nake faɗa wa kowa ne.

Saurin amsa yana da tasiri sosai, amma mai lalle tana da matsalar da tela ba shi da ita: in kika kama hannun amarya, sa'o'i huɗu ba za ki taɓa waya ba. Don haka na koma WhatsApp Business. Akwai wurin da aka rubuta `Greeting message`, saƙo ne da yake tafiya da kansa ga wanda ya fara yi miki magana. Nawa gajere ne, yana cewa na ga saƙo, ina kan aiki, zan amsa kafin isha'i, a taimaka a rubuto rana da unguwa da yawan mutane. Sau da yawa kafin in wanke hannu an riga an ba ni amsar tambayoyina. Akwai kuma `Quick replies`, inda ake ajiye saƙon da ake yawan maimaitawa a sa masa gajeren suna, in kin danna `/` sai ya fito. A nan na ajiye amsar farko da bayanin asusun banki da sharuɗɗan kafin alƙalami. Abin lura kawai shi ne kada a tura shi yadda yake kamar takardar sanarwa. Wadda ta ce "ƙanwata ce za ta yi aure" tana so ta ji an ce Allah ya sanya alheri kafin a fara jero mata kuɗi. Kuma in kin ce kafin isha'i, to ya zama kafin isha'i, domin wadda ba ta cika alkawarin amsa saƙo ba, wa zai yarda za ta iso gidan biki a kan lokaci?

Bari in kawo ciniki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, don a ga yadda lissafin yake tafiya. Wata budurwa ta rubuto da daddare tana tambayar lallen da ta gani a hoto. Na ba ta amsar farko. Ta ce yayarta ce amaryar, za a yi kamu ranar Juma'a, dina ranar Asabar, gidan yana Hotoro, akwai ƙawaye huɗu da suke son lalle, kwalliya kuma ta dinar kawai ake so. Daga wannan bayanin na fahimci abu mafi muhimmanci a cinikin: mai rubuto mini ba ita ce mai biya ba, ba kuma ita ce mai yanke hukunci ba. 'Yar aike ce. A bikin Hausa haka abin yake kusan kullum, ƙanwa ko ƙawa ce mai wayar, kuɗin kuma yana hannun uwa ko gwaggo ko ango. Saboda haka lissafin da zan tura dole ya zama saƙo ɗaya cikakke wanda za a iya turawa gaba, wanda bai ga hirarmu ba ya karanta ya gane komai. In kika rarraba bayani a saƙo goma, abin da zai isa kunnen Mama shi ne jimillar kuɗin kawai, ita kuma za ta ce ya yi yawa.

Kafin lissafin na ba da shawara ɗaya, cewa a yi lallen ranar Alhamis, domin jan lalle ba ya nuna kalarsa a ranar da aka cire shi, sai ya kwana ɗaya zuwa biyu yake yin duhu, ga shi safiyar kamu gida a cike yake, amarya ba za ta samu zaman sa'o'i huɗu ba. Na kuma tambaya ko baƙin lalle ya taɓa yi wa amarya ƙaiƙayi ko ƙuraje, saboda sinadarin rinin da yake cikinsa yana ƙona fatar wasu, in akwai shakka gara a tsaya a ja. Irin wannan magana ba ta cin kuɗi, amma ita take nuna wa mutane cewa da wadda ta san aikin suke magana. Sannan na rubuta:

"Ga lissafin bikin, Anti. Alhamis ƙarfe 10 na safe a Hotoro: lallen amarya hannu da ƙafa, ja da baƙi, 25,000, ƙawaye huɗu hannu biyu-biyu, 4,000 kowacce, 16,000. Asabar ƙarfe 4 na yamma: kwalliyar amarya da ɗauri, har da gashin ido, 30,000. Kuɗin mota na kwana biyun 8,000. Jimilla 79,000. Ana kama rana da kafin alƙalami 30,000, sauran 49,000 a biya ranar Alhamis kafin a fara aiki. Ranakun biyu babu kowa a kansu yanzu, zan riƙe muku su har jibi da magariba."

Na bi shi da hotuna uku na aikina, irin zanen da ta nuna sha'awa, a kan fata mai kama da ta amaryar. Gani ya kori ji, amma hoto talatin yana rikita mutum ne, kuma hoton aikin wata da aka ɗauko a intanet bashi ne da za a biya ranar biki a gaban jama'a. Farashi kuma a rubuce nake ba da shi ko da duk hirar da murya ake yi. Saƙon murya yana da daɗi wajen gaisuwa da lallashi, kuma dattawa da yawa sun fi son sa, don haka in Mama ce nakan karanta mata lissafin da murya sannan in tura rubutun. Amma ranar da aka samu saɓani, ba wanda zai koma ya saurari minti uku yana neman inda aka ce da ɗauri ko ba ɗauri.

Jimlar ƙarshe ta saƙon, wato zan riƙe har jibi da magariba, ita ce take hana "za mu yi shawara" ta zama wata guda. Sharaɗinta ɗaya ne, ta zama gaskiya. Ba na cewa wasu suna neman ranar in ba kowa, domin garin nan ƙarami ne a wajen mata, ƙarya irin wannan tana zagayowa. In kuwa da gaske wata ta nemi ranar a cikin wa'adin, sai in sanar da ta farkon, in ba ta dama ta riga.

Washegari Mama da kanta ta turo murya. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "'Yata, ai kin san halin da ake ciki, a yi mana 60,000 don Allah." A kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari in an taya ƙasa sai a ce albarka, mai saye ya ƙara, kowa yana kallon fuskar ɗan'uwansa. A waya babu fuska, kalmar albarka ita kaɗai takan fito da sanyi kamar an rufe ƙofa. In kuma kika sallama nan take, kika zubar da 19,000 da saƙo ɗaya, kin gaya mata cewa farashin farko na ƙarya ne, za ta ci gaba da nema, kuma za ta faɗa wa duk wadda za ta turo miki. Abin da nake yi shi ne in rage aiki tare da kuɗi. Na ce mata, "Mama, Allah ya ƙara girma, wallahi 60,000 ba za ta fitar da ni ba, amma ga yadda za mu yi. In amarya da ƙawayenta za su zo gidana ranar Alhamis, kuɗin motar ranar ya fita, 4,000 ke nan. In ƙawayen za su yi zane mai sauƙi a bayan hannu kawai, 2,500 kowacce, an rage 6,000. Sai ya dawo 69,000, kuma ba abin da aka taɓa a na amarya." Ta yi dariya ta ce na iya ciniki, a bar shi haka. Ita ta samu ragin da za ta faɗa a gida, ni kuma kuɗin aikin hannuna yana nan yadda yake. Na sake rubuta sabon lissafin gaba ɗaya, jimilla 69,000, kafin alƙalami 30,000, saura 39,000, don kada tsohon ya ci gaba da yawo.

Wata rana za a taya abin da ko an rage aiki ba zai yiwu ba. A nan nakan ce ba zan iya ba cikin girmamawa, in kuma ina da wata ƙanwa a sana'ar da farashinta ya yi daidai da aljihunsu, in haɗa su. Ba kowace mai tambaya ce tawa ba, kuma sanin haka ya rage mini ciwon da shirun yake sa ni a da.

Kafin alƙalami shi ne wurin da na fi shan wuya kafin in iya faɗinsa ba tare da jin nauyi ba, don na taso a gidan da ba a maganar kuɗi kafin aiki. Amma "in sha Allah mun kama ki" ba ta hana a canza shawara ana gobe biki, bayan kin mayar da mutum biyu a kan ranar. Yadda nake yanke adadinsa shi ne in duba abin da zai fita daga aljihuna kafin in karɓi sisi: lalle da kayan kwalliya da suke ƙarewa, kuɗin yarinyar da za ta taya ni, kuɗin mota, da wani abu da zai rage asara in aka fasa. Yawanci yakan faɗo tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin jimilla. Ina faɗin sharaɗinsa kafin a tura, ba bayan an tura ba: in aka ɗaga biki, kuɗin yana bin sabuwar ranar matuƙar babu kowa a kanta, in aka fasa aikin saura ƙasa da mako biyu, ba ya dawowa, in ni ce na kasa zuwa, ina mayar da shi cif. Rasuwa ko fasa auren gaba ɗaya kuwa ba na kawo maganar sharaɗi, nakan mayar, na san yadda gida yake zama a irin wannan rana.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan kowa taransifa yake yi, kuma da ita matsalar alat na bogi ta yawaita. Hoton rasit da aka turo ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana iya ƙirƙirarsa. Sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗin ya zauna nake cewa an kama rana. In an turo rasit kuɗi bai shigo ba, ba na zargin kowa, don sau da yawa natuwok ne; nakan ce na ga rasit, na gode, bai iso ba tukuna, da ya shigo zan sanar. Sunan asusun kuma nakan faɗe shi tun farko, saboda in sunan shafinki daban, sunan da banki ya nuna daban, mai turawa takan tsorata ta fasa, kuma tana da gaskiya, an cuci mutane da yawa ta haka. Da kuɗin ya shigo sai in tura saƙon tabbaci mai ɗauke da ranaku da lokaci da wuri da abin da aka biya da abin da ya rage, in nemi kwatancen gidan da lambar mutum na biyu, domin ranar biki wayar amarya ba a hannunta take ba. Sannan in rubuta a littafi da biro. Waya tana iya faɗawa ruwa ko a ƙwace ta.

Saura waɗanda suka karɓi cikakken lissafi suka yi shiru. Shirun nan ba kullum yake nufin a'a ba; sau da yawa ana jiran albashi ne, ko ango bai turo ba, ko saƙon yana wayar Mama ba ta buɗe ba. Ina bibiya sau ɗaya, a ranar da wa'adin zai cika, kuma ba na cewa "na ji ki shiru", don wannan yana sa mutum jin kamar ana bin sa bashi. Nakan ce, "Amarya barka da yamma, ina tuna miki ne yau zan saki ranar Asabar ɗin, in har yanzu kuna so ki sanar da ni, in kuma akwai abin da za a gyara a lissafin mu duba." Wannan ƙarshen yana ba mai jin kunyar cewa kuɗin ya fi ƙarfinta hanyar yin magana. In ba a amsa ba, na bar shi ke nan, ba kira, ba saƙo na uku, ba habaici a sitatus. Na ga masu sana'a suna rubuta cewa masu tambaya ba sa saye su daina damun su. Wadda take shirin tambaya ita ma tana karantawa, sai ta fasa.

Har yau yawancin masu cewa nawa ne ba sa zama kwastomomi, kuma na daina ɗaukar hakan a matsayin hukunci a kan hannuna. Abin da ya canza shi ne ina sanin inda kowace hira ta tsaya, wadda take jiran lissafi, wadda take cikin wa'adi, wadda ta biya. Da wannan sana'ar nake biyan haya da kuɗin makarantar yara, kuma yanzu yara mata biyu suna koyo a wajena. Babbar cikinsu ta fara amsa saƙonni in hannuna yana cikin lalle. Na ba ta izinin tura amsar farko da karɓar rana da unguwa da yawan mutane, amma lissafi da ragi da tabbatar da shigowar kuɗi suna nan a hannuna tukuna, sai ta ƙara ganin bukukuwan Sha'aban guda ɗaya.